Golf mai buwat ɗin DSG a Damagaram: wane mai, lita nawa, bayan kilomita nawa

Motar da ake magana a kanta Golf 6 ce ta 2011, mai ƙofa biyar, injin gazuwal 2.0 TDI, ta shigo ƙasar nan a matsayin na hannu. Agogonta ya nuna kilomita 168,400 ranar da aka kawo ta garaj a Sabon Gari. Babu littafin sabis a cikinta, babu ko guntun takarda da ke cewa an taɓa taɓa man buwat, wato akwatin giya. Mai ita ɗan kasuwa ne, zirga-zirgarsa tsakanin Zongo da Kasuwar Dole ce, sai Maradi ko Kano sau ɗaya ko biyu a wata.

Kukansa uku ne. Da safe motar lafiya lau take tashi. Idan ta yi rabin awa a cikin gari ta ɗau zafi, da ya ɗaga ƙafa daga birki sai ta yi karkarwa kafin ta ja, kamar mai jin sanyi. Na biyu, idan yana rage gudu zai tsaya, tana sauka daga giya ta biyu zuwa ta ɗaya da duka, har ya ji a bayansa. Na uku, sau biyu a hanyar Matamaye, yana tsakar wuce babbar mota, injin ya yi kuka sama amma motar ba ta ja ba na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta kama.

Tambayar da ta buɗe lamarin ita ce wadda maigidan garaj ya yi masa tun kafin a ɗaga bonet.

"Alhaji, an taɓa yi wa buwat ɗin bidanj tunda ka saye ta?"

"An yi, Malam, wata biyu ke nan. Na ga da idona, jan mai aka zuba, na otomatik, galan guda."

Jan mai, galan guda na lita huɗu. A cikin wannan amsa akwai kuskure biyu, na irin mai da na yawansa, kuma sauran aikin duka bin diddigin su ne.

Kafin a sayi mai, a san wace buwat ce

Mai mota yana ganin P, R, N, D a gaban sandar giya, babu fedar kuloci, sai ya ce otomatik ce. A wajen tuƙi haka ne. A ciki kuwa DSG ta fi kusa da giyar hannu: haƙoran giya ne irin na giyar hannu, da kuloci biyu, wato ambireyaj biyu, da wata ƙwaƙwalwa mai bawul-bawul da ake kira mekatironik wadda ke taka kulocin tana saka giya a madadin direba. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5 da ribas, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6. Lokacin da mota ke tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira a ɗaya ɓangaren, sai kawai a saki wannan kuloci a kama wancan.

Abin da ke rikita mutane shi ne Golf 6 tana zuwa da DSG iri biyu, kuma mansu ba ɗaya ba ne ko kusa. Akwai mai giya shida, sunanta DQ250, lambarta tana farawa da 02E. Kulocinta a cikin mai yake iyo, mai ɗaya ne ke sanyaya kuloci, yana shafa haƙora, yana kuma tura bawul-bawul na mekatironik. Tana ɗaukar kusan lita 7.2 gaba ɗaya, kuma ita ake saka wa injuna masu ƙarfi irin 2.0 TDI da GTI. Akwai kuma mai giya bakwai, DQ200, lambarta 0AM, wadda kulocinta busasshe ne kamar na giyar hannu. Ita ake samu a 1.6 TDI da ƙananan injunan fetur na TSI. Man haƙoranta bai kai lita biyu ba, mekatironik ɗinta kuma da nasa man daban, kusan lita ɗaya. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wannan ya kai wa waccan, ya kashe buwat.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A tuƙa motar a kan kwalta a duba allo: idan ta tsaya a D6 ba ta ƙara ba, mai shida ce, idan ta nuna D7, busasshiya ce. A leƙa ƙarƙashin batir: mai shida tana da gidan filta na baƙar roba a tsaye a samanta, kusa da wani ɗan akwatin alminiyam mai tiyo biyu na ruwan lagireto, wanda shi ne mai sanyaya man. Mai bakwai ba ta da ko ɗaya cikin biyun. Tabbacin ƙarshe na na'urar gwaji ne: idan aka shiga adireshi 02, lambar da ta fito za ta fara da 02E ko 0AM. Ta Alhaji ta nuna 02E, kuma gidan filtarta yana nan da ƙurarsa daskare a kan murfin, alamar ba a buɗe shi ba wata biyu da suka wuce. Ke nan an canza mai an bar tsohuwar filta.

Dalilin da jan mai bai dace ba

Jan man ATF ba mugun mai ba ne, wurinsa ne daban. An haɗa shi don otomatik ta gargajiya, wadda ruwan mai ne ke ɗaukar nauyin tashin mota a cikin kwanon da ke tsakanin inji da buwat. A DSG babu wannan kwano. Duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye, faya-fayan kuloci ne ke goga juna a cikin mai, suna zamewa kaɗan-kaɗan har su kama. Yadda suke zamewa da yadda suke kamawa ya dogara ga sinadaran da ke cikin man, kuma ƙwaƙwalwar buwat ta san halin mai guda ne kawai, wanda aka gina ta a kansa. Idan aka zuba mata wani, tana matsa kuloci da ƙarfin da ta saba, faya-fayan kuma su kama su saki, su kama su saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ita ce karkarwar da Alhaji ke ji. Tana ƙaruwa da zafi saboda mai yana tsinkewa, kuma bambancinsa da na ainihi yana ƙara fitowa.

Akwai kuma haƙora da zobban da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga. Su ma wannan man ne ke kare su, kuma an haɗa na DSG ne da sanin zai yi wannan aiki tare da na kuloci. Mai kauri na giyar hannu irin 80W-90, wanda wasu ke zubawa idan sun ji an ce cikinta haƙoran giyar hannu ne, ya fi jan man ɓarna: ba ya ratsa ƙananan hanyoyin mekatironik da sauri, kuma bai san kuloci jiƙaƙƙe ba sam.

Man da DQ250 ke so lambarsa G 052 182 A2, ƙa'idarsa kuma VW TL 52182. Ba dole sai mai tambarin kamfanin motar ba. Akwai FFL-2 na Pentosin, wanda yanzu ake samu da sunan Fuchs Titan, akwai na wasu sanannun kamfanoni da ke rubuta wannan lamba a bayan gora. Abin dubawa shi ne lambar, ba hoton mota a gaban gora ba, ba kuma maganar mai shago cewa "duk ɗaya ne". Launinsa ruwan zuma ne mai haske, ba ja ba. Tunda ba kowane shago ne ke ajiye shi a Damagaram ba, yawanci sai an aika Yamai ko Kano, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido: murfi ya zo da zobensa ba a karye ba, rubutun gora ya fito sarai ba ya gogewa da yatsa, gorunan duka su zo da launi ɗaya da wari ɗaya. Ga aiki ɗaya ana sayen gora shida ta lita ɗai-ɗai, da filta mai lamba 02E 305 051 C, da zoben robar murfinta, da sabuwar washa ta notin ƙasa.

Ga mai busasshiyar DQ200, a taƙaice: man haƙoranta G 052 512 A2 ne, na mekatironik kuma G 004 000, kuma kamfanin bai sa mata lokacin bidanj ba. A watan Nuwamba 2013 kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1.6 masu wannan buwat don a cire musu man sintetik a zuba na ma'adini, saboda matsalar wuta da tsohon man ke jawowa, musamman a ƙasashe masu zafi. Wanda ke da irinta ya san man da zai nema ke nan. Ba ita ce ta Alhaji ba, mu koma kan tasa.

Abin da aka gani da aka kwance

A ƙarƙashin wannan buwat noti ɗaya ne, mai ramin kusurwa shida na milimita 14. Idan aka cire shi inji a kashe, mai kaɗan ne ke zuba sannan ya tsaya, kuma wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya ƙare. Bai ƙare ba. A cikin ramin akwai wani bututun roba a tsaye, tsawonsa kamar ɗan yatsa, ana kwance shi da makullin kusurwa shida na milimita 8. Bututun nan shi ne ma'aunin mai: bakinsa na sama yana daidai inda man ya kamata ya tsaya lokacin da inji ke aiki. Sai an cire shi ne sauran man ke fitowa.

A buwat mai cikakken mai, abin da ke fita yana kai lita biyar ko ɗan fiye. An tari na Alhaji a bokiti mai tsabta, aka juye a gorunan awo, aka samu lita huɗu cif, har da na gidan filta. Ke nan motar ta yi wata biyu tana yawo da raguwar fiye da lita ɗaya. Wannan ya bayyana kuka na uku. Famfon man yana tsotsa daga ƙasan buwat, kuma idan mai ya yi ƙasa, sai direba ya taka wuta da ƙarfi, man ya koma gefe, famfo ya ja iska. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da ke riƙe kuloci ya faɗi na ɗan lokaci, inji ya yi kuka a banza.

Launin man ja ne mai duhu da ya garwaya da baƙi-baƙi, domin kusan lita biyu na tsohon mai ba sa fita ta ƙasa, suna maƙale a cikin kuloci da mekatironik da mai sanyayawa. An ɗiga shi a farar takarda aka kai rana: akwai ƙura mai laushi ruwan toka, wadda ta saba fita daga faya-fayan kuloci, amma babu ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za a ji a tsakanin yatsu, kuma babu warin ƙuna irin na tuwon da ya kama tukunya. Bai kuma yi fari-fari kamar koko da madara ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a garinmu. Da yawa ana zuba wa lagireto ruwan famfo ko na rijiya zalla, shi kuma yana cin alminiyam ɗin mai sanyaya man daga ciki har ya huje, ruwa ya shiga buwat. Ruwa yana lalata faya-fayan kuloci, kuma idan an ga wannan launi, sabon mai ba zai yi komai ba sai an canza mai sanyayawar tukuna. An yanka tsohuwar filta aka baje takardarta: baƙa ƙirin, ta cika, amma ita ma ba ƙarfe. Da wannan aka yanke shawarar cewa kulocin bai mutu ba, ya cancanci a kashe masa kuɗin mai.

Aikin kansa, da matsalar zafin Damagaram

Ga inda garinmu ya bambanta da inda aka rubuta littafin gyara. Ana auna man wannan buwat ne inji yana aiki, sanda a P, mota a shimfiɗe daidai, zafin man kuma tsakanin digiri 35 da 45. Dalili shi ne mai yana kumbura da zafi. Idan an auna shi yana digiri 70, zai cika bakin bututu da wuri, a bar shi ya zuba, idan ya huce kuma a ga ya ragu. Idan an auna shi da sanyi sosai, za a bar fiye da kima a ciki, haƙora su riƙa kaɗa shi ya yi kumfa ya ƙara zafi.

A Turai makanike jira yake man ya hau zuwa 35. A nan, a watan Afrilu da Mayu, iskar azahar kanta tana wuce 40, kuma motar da ta kwana a kashe, idan ta sha rana a filin garaj, manta ya riga ya kusa fita daga iyaka tun ba a murɗa makulli ba. Wadda aka tuƙo yanzu kuwa ba a ma maganarta, sai ta yi awoyi ba ta sauko ba. Don haka motar Alhaji ta kwana a garaj a ƙarƙashin rumfa, da yamma aka yi kwance-kwancen saman buwat, an bar awo sai bayan sallar asuba. Gorunan mai ma a cikin ɗaki suka kwana a ƙasa, ba a but ɗin mota ba. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, abin ya fi sauƙi, safiya tana ba da isasshen lokaci. Wanda ke da zaɓi ya ajiye wannan aiki zuwa lokacin, sai dai ya kula da ƙura: a wanke saman buwat kafin a buɗe filta, a rufe ramin da tsumma mai tsabta marar zare, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul.

An fara da filta. An cire akwatin iska, da batir, da farantin da yake zaune a kai. An sassauta murfin filta da soket 24, aka dakata kaɗan don man cikinsa ya koma ƙasa, sannan aka ɗaga. Sabuwar filta ta shiga da wuyanta a ƙasa har ta zauna, an shafa wa sabon zoben roba mai, an ɗaure murfin da makullin awon ƙarfin ɗauri a 20 Nm. Murfin roba ne, ƙarfin hannun yaron garaj yana iya tsaga shi, kuma tsagar ba ta nunawa sai mota ta yi zafi. Daga nan aka mayar da batir, aka koma ƙasa. Bututun awo yana komawa a 3 Nm kacal, wato da yatsu, da ya zauna a bar shi.

Ana zuba mai ta ƙasa ne, ta ramin da aka zubar da shi. Akwai kan tiyo da ake murɗawa a wurin notin, lambarsa VAS 6262, da doguwar tiyo da ake ɗaga gora sama da bonet man ya gangara. Ana samun kwatankwacinsa mai famfon hannu. Wasu suna zubawa ta ramin filta a sama, yana yiwuwa amma yana tafiya a hankali ƙwarai, kuma ba ya ɗauke wa mutum awo ta ƙasa. An girgiza kowace gora kafin a buɗe, aka zuba lita 5.5. Da gangan ake wuce kima, domin a bar rarar ta fita da kanta.

Sannan aka haɗa na'ura aka buɗe inda zafin ke fitowa:

```
02 - Auto Trans
Meas. Blocks - 08
Group 019
```

Ƙarfe shida da kwata ta nuna digiri 31. An tayar da inji, ƙafa a kan birki, aka bi kowane matsayi na sanda ana tsayawa daƙiƙa uku a kowanne, don mai ya cika duk hanyoyi da sabuwar filta, aka dawo P. Ba a kashe inji ba. Da lambar ta kai 36 aka cire tiyo. Mai ya zubo kamar igiya, ya yi siriri, ya koma ɗiga. A nan ake rufewa. Akwai ɗan tsartuwa da ke fitowa lokaci-lokaci, kusan kowane rabin minti, wannan ba alamar rara ba ce, wanda ya tsaya jiran ta ƙare zai wuce digiri 45 yana tsaye. An saka noti da sabuwar washa a 45 Nm lambar tana 41. Abin da ya dawo bokiti kusan kashi ɗaya cikin uku na lita ne, wato lita 5.2 suka zauna. Da ba abin da ya zubo ko kaɗan, da sai a ƙara rabin lita a sake, shi ya sa ake sayen gora ta shida.

Kuskuren garajin farko a nan yake. Ko dai sun zuba galan sun rufe ba awo, ko sun auna inji a kashe. Inji a kashe, man da ya kamata ya kasance a sama cikin kuloci da filta duk ya dawo ƙasa, sai ya cika bakin bututu alhali bai kai ba.

Me ya sa sau biyu

Maigidan garaj ya gaya wa Alhaji tun farko cewa bidanj ɗaya ba zai wadatar ba, kuma lissafin a fili yake. Kafin wannan aiki akwai lita shida a ciki: huɗu jan mai, biyu tsoho. An zubar da huɗu, biyu sun rage, kuma kashi biyu cikin uku na waɗannan jan mai ne, wato kusan lita 1.3. A cikin lita 7.2, wannan ya kusa kashi 18 cikin ɗari. Ya yi yawa ga kuloci mai gane bambanci. Idan aka sake juyewa, abin da zai rage bai kai lita 0.4 ba, kusan kashi biyar cikin ɗari, wanda za a iya zama da shi. A ganinmu wannan ya fi a haɗa buwat da injin wanki ko a zuba mata wani maganin wankewa, domin ba a san abin da maganin zai yi wa faya-fayan ba, kuma shi ma ba ya fita duka.

Alhaji ya yi kilomita 1,100, har da zuwa Maradi da dawowa, ya dawo a 169,500. Zamewar kan hanya ta ɓace tun ranar farko. Karkarwar ta ragu sosai amma da saura idan an daɗe a cunkoso. An sake aikin daidai da na farko, da wata sabuwar filta, domin sabon mai ya kwaso dattin da ya kwanta.

Bayan na biyu ne aka sa ƙwaƙwalwar ta sake koyon kulocinta. Bidanj na yau da kullum ba ya bukatar wannan, amma wannan buwat ta yi wata biyu tana gyara lissafinta a kan man da ba nata ba. Ana yinsa mota a tsaye, inji yana aiki, sanda a P, ƙafa a kan birki ba a taɓa totur:

```
Basic Settings - 04
Group 061
Group 060
Group 067
```

Ana jin ƙwas-ƙwas daga cikin buwat yayin da take gwada kowace giya, kada a tsorata a katse. A tsofaffin ƙwaƙwalwa da manhajarsu ba ta kai 0800 ba, 062 ake shiga a madadin 067. Daga nan aka fita da ita hanyar Mirya, aka bi giya ɗaya bayan ɗaya da hannu, ana daɗewa a ta uku ko ta biyar don kuloci na farko, a ta huɗu ko ta shida don na biyu. Da aka dawo cikin gari dukan saukowa giya ta ɗaya ya tafi, tashi kuma ya yi laushi.

Abu ɗaya ya rage wanda mai bai taɓa ba. Idan motar tana tsaye inji yana aiki a hankali, akwai ƙarar kacau-kacau daga tsakanin inji da buwat, tana ɓacewa da an ɗan taka wuta. Wannan faifan inji ne mai hawa biyu, wanda sifirin ɗinsa suka gaji, abin da aka saba gani a injin gazuwal mai irin wannan tafiya. An gaya wa mai motar ya fara tanadinsa, kuma kada wani ya sake sayar masa da mai da sunan maganin wannan ƙara.

Sai yaushe kuma

Kamfanin ya ce mai da filta duk kilomita 60,000. Wannan ita ce ƙa'idar da aka rubuta, kuma wanda ya ce man DQ250 na har abada ne ya haɗa ta da busasshiyar ƴar'uwarta. Amma abin da ke tsufar da man nan zafi ne da zamewar kuloci, ba tsawon hanya ba. Tafiyar Damagaram zuwa Yamai a giya ta shida, kuloci a kulle, ba ta cin man kamar yini ɗaya a bayan amalanke da kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole, ana jan jiki taku-taku da ƙafa rabi a kan birki. Haka lungunan Birni da sababbin unguwanni masu yashi, inda taya ke nutsewa direba ya riƙa kai sanda D ya dawo R yana taka wuta. A irin wannan hali zafin man yana hawa da sauri. Buwat ɗin tana kare kanta: idan man ya wuce digiri 138 tana rage ƙarfin inji, idan ya wuce 145 tana buɗe kulocin gaba ɗaya mota ta daina ja. Wanda ya taɓa kai ta nan, ya canza man ba tare da duba agogo ba. Kuma idan ta kafe a yashi, a haƙa a tura ya fi mata sauƙi.

Shawararmu ga motar da ke zaune a wannan gari ita ce kilomita 40,000 ko shekara uku, duk wanda ya riga zuwa. Wannan hukuncinmu ne bisa zafi da ƙura da yanayin tuƙi, ba rubutun kamfani ba. Ga wadda aka saya ta hannu ba takarda kuwa, ba a lissafi da agogo, domin agogon motocin hannu ba abin rantsuwa ba ne: a ɗauka ba a taɓa canzawa ba, a yi a watan farko. Tsoron da wasu ke yi cewa sabon mai yana kashe tsohuwar buwat ya samo asali ne daga motocin da aka kai gyara bayan kulocin ya riga ya ƙare. Gwajin farar takarda da yanka filta suna nuna wannan tun kafin a zuba gora ta farko, kuma ya kamata mai mota ya tsaya ya gani da idonsa.

An rubuta da fenti a jikin murfin akwatin iska, inda duk wanda ya ɗaga bonet zai gani: G 052 182 A2, 169,500, na gaba 209,500. An kuma zubar da ruwan famfon da ke cikin lagireto aka zuba ruwan sanyaya inji na ainihi. Gora ɗaya da ta rage ba a buɗe ba an ba Alhaji, aka ce ya ajiye ta a ɗaki, kada ya bar ta a but.